Yadda ake cajin baturan AA da AAA ba tare da an dafa su ba

Yawancin baturan caji da mutane ke jefarwa a nan Kano ba tsufa suka yi ba, caja ce ta kashe su. Mutum zai sayi batir mai kyau, ya haɗa da cajar da aka ba shi gyara a kai, ya jona da daddare ya kwanta, bayan 'yan watanni ya ce ai baturan jabu ne. Alhali batirin NiMH mai kyau, wato irin baturan cajin nan, yana ɗaukar caji sau ɗaruruwa in an bi shi a hankali. Matsalar guda ɗaya ce, ita ƙaramar caja ta gama-gari ba ta san batir ya cika ba, tura wuta kawai take yi, to ko dai ka sayi wadda ta san ta tsaya da kanta, wato simat caja, ko kuma kai ka zama mai tsayar da ita. Duka hanyoyin biyu zan nuna, don ba kowa ne zai iya sayen mai tsadar ba yanzu-yanzu.

Kayan da za ka tanada

Baturan da aka rubuta NiMH da 1.2V a jikinsu. Caja, ko wacce kake da ita. Waya don saita ƙararrawa da yin lissafi. Maka ko ɗan salatif na yi wa batura alama. Tsumma busasshe. In da hali ƙaramar mita irin ta masu gyaran rediyo, ana samu a Sabon Gari wajen masu kayan lantarki, ba dole ba ce amma tana rage gardama. Fawa bank ma zai yi amfani in cajarka mai igiyar USB ce.

1. Karanta jikin batirin kafin komai

Ba duk batirin da ya shiga ramin caja ne ake cajinsa a ciki ba. In ka ga 1.5V da Alkaline, ko irin baturan rediyo na kanti da muka saba saye, waɗannan ba na caji ba ne sam, in ka matsa musu za su yi zafi su tsiyayo ruwa, wani ma ya fashe. Sai kuma wani mai kama da AA sak a girma amma an rubuta 14500 ko 3.7V, wannan litiyam ne irin na wasu tocila, cajarsa daban, kuma in ka sa shi a rediyo mai cin AA zai iya ƙona ta. Akwai kuma sababbin AA na litiyam masu 1.5V, wasu har da ramin USB a jikinsu, su ma ba ruwansu da cajar NiMH, a bi abin da ya zo da su.

Daga nan duba lambar mAh, ita ce yawan wutar da batirin ke iya riƙewa, kuma da ita za mu yi lissafi. AA na gaskiya yakan kama daga 1900 zuwa 2500, mafi ƙoƙarinsu su kai wajen 2700. AAA kuwa 750 zuwa 1000. To in ka ga AA an buga masa 4700mAh ko AAA mai 1800mAh, ƙarya ce tsagwaronta, babu wurin da wannan wutar za ta shiga a ɗan gwangwanin nan. Haɗarin ba asarar kuɗi kawai ba ne, in ka yi lissafin awanni da lambar ƙarya za ka ba batirin ninkin abin da zai iya ɗauka. Irin waɗannan ka ɗaga ka ji, ba su da nauyi a hannu. In dole da su za ka yi aiki, ka ɗauke su a matsayin ƙananan batura, ka rage awanni sosai kana taɓawa.

2. Gano wace irin caja ke hannunka

Juya bayanta ka nemi inda aka rubuta Output. Iri uku ne ke yawo a kasuwa.

Ta farko, wato gama-gari, ba ta da komai a ciki sai abin rage wuta da ɗan jan fitila. Za ka ga kamar 2.4V ko 2.8V da 150mA ko 200mA, wato gudun wutar da take turawa, kuma ba ta kamawa sai ka sa batir biyu ko huɗu. Dalili shi ne baturan a jere suke, wuta ɗaya ce ke bi ta cikinsu duka biyun. Muddin tana jikin soket tana turawa, ko kwana uku ne.

Ta biyu mai agogo ce a ciki, tana ƙirga wasu awanni, a ce takwas, sai ta yanke ko fitilar ta koma kore. Mutane da yawa suna ɗaukarta simat saboda koren nan, amma ba batirin take kallo ba, lokaci take kallo. Ko cikakken batir ka sa mata sai ta yi awa takwas ɗinta.

Ta uku ita ce simat ta gaske. Shi NiMH yana da wata ɗabi'a, ƙarfinsa yana hawa a hankali lokacin caji har wajen 1.45V ko sama kaɗan, da ya cika sai ya fara ɗumi, ƙarfin ya ɗan sauko kaɗan, saukar da ba ta wuce kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya ba. Wannan 'yar saukar ce cajar ke jira, tana gani ta yanke. A kwalinta za ka ga an rubuta -ΔV ko -dV. Masu kyau suna da abin jin zafi da agogon ko-ta-kwana a kai, kuma kowane rami cin gashin kansa yake, da fitilarsa ko layinsa a sikirin, za ka iya sa batir ɗaya tal ko uku, AA da AAA a haɗe.

Amma kada karɓar batir ɗaya ya ruɗe ka, akwai 'yan cajar USB masu rami huɗu masu araha da ke karɓar ɗaya amma ba sa yankewa. Gwajin da nake yi shi ne in ɗauki batirin da na san a cike yake in sa. Simat za ta yanke cikin 'yan mintuna, da wuya ta wuce rabin awa. In awa guda ta wuce tana nan tana caji batirin yana ta ƙara ɗumi, to gama-gari ce aka yi wa kwalliya, ka bi da ita da lissafin mataki na 4.

3. Haɗa batura gida-gida ka goge bakinsu

Wannan ya fi shafar mai cajar biyu-biyu. Baturan da ke aiki tare a na'ura ɗaya su ake caji tare, kamfani ɗaya, mAh ɗaya, shekaru ɗaya. Sa maka ka rubuta A a kan biyu, B a kan wasu biyun, kada su cakuɗe. In ka haɗa wanda ya ƙare ƙaf da wanda ya yi rabi a cajar jere, wuta ɗaya za su sha, kafin na farko ya cika na biyun ya daɗe yana dahuwa. In kuma ka cire da wuri don tausayin na biyun, na farko bai cika ba, a cikin na'ura shi zai riga ƙarewa, ɗan uwansa ya ci gaba da tura wuta ta cikinsa ta baibai, nan ma lalacewa ce.

Sai ka goge kan batirin da gindinsa da ƙarafan cajar da busasshen tsumma. Ƙurar hunturu da tsatsa suna hana wuta shiga daidai, har simat ta riƙa ƙyafta fitila tana ƙin batir mai lafiya. Ka duba + da − kafin ka danna.

4. In gama-gari ce, yi lissafi

Ga shi nan:

```
awanni = mAh ÷ mA × 1.4
```

mAh na jikin batir, mA na bayan caja. Ƙarin 1.4 ɗin saboda ba duk wutar da ta shiga ke zama ba, wata zafi take komawa, musamman a cajin a hankali.

Mu ɗauki ladanin masallacin unguwa mai makirfo mara igiya da ke cin AA biyu, kowane 2000mAh, cajarsa an rubuta 200mA. 2000 raba 200 ya ba da 10, sau 1.4 ya zama awa 14. In ya jona bayan Isha ƙarfe takwas na dare kuma ba a ɗauke wuta ba, ƙarfe goma na safe zai cire. Wannan gudun, wato kashi ɗaya cikin goma na mAh ɗin batir, shi ne wanda NiMH ke iya jurewa ko an ɗan makara awa ɗaya ko biyu. Abin da ba ya jurewa shi ne a bar shi daga Juma'a zuwa Juma'a.

Yanzu a ce ladanin nan ya sa AAA biyu masu 800mAh na rimot a cajar, kuma ita 200mA take ba kowa. 800 raba 200 huɗu kenan, sau 1.4 ya zama awa biyar da rabi da ɗan kai. In ya bar su awa 14 kamar yadda ya saba, ya tura 2800mAh cikin batirin da ke riƙe 800, ninki uku da rabi, kuma da gudun da ya yi wa ƙaramin batir yawa. Haka AAA ke mutuwa a gidaje. Wasu cajojin suna rubuta mA daban na AAA, mai ƙasa, in akwai da shi za ka yi lissafin.

Abu biyu ke ɓata lissafin nan. Na farko, ya ɗauka batirin ya ƙare ne. In makirfon sallar Magariba da Isha kawai ya yi, batirin bai ci ko rabi ba, awa 14 ta yi masa yawa nesa ba kusa ba. Mafita ita ce seti biyu, ana aiki da A har na'ura ta nuna ya yi sanyi, a sa B, sannan A ya shiga caji cikakke. Ban ce a tatse shi ƙaf ba, da tocila ta fara dushewa a cire, kada a bar ta a kunne har ta mutu. Mita tana taimakawa a nan amma da iyaka, 1.0V zuwa 1.1V ya ƙare, wajen 1.35V zuwa 1.4V bai daɗe da cika ba, amma 1.2V da ɗan kai ba ya gaya maka komai, don a nan batirin ke zama kusan duk tsawon aikinsa.

Na biyu kuma wutar gari. Awannin da wuta ke nan kawai ake ƙirgawa, in an ɗauke ƙarfe ɗaya aka dawo da ita huɗu sai ka cire ukun, shi ya sa cajin rana da ido biyu ya fi na dare, ka rubuta a takarda ko a waya.

Cajar gama-gari mai 500mA ko sama kuma ba ta yankewa, ita ce mafi muni a cikinsu, ni dai ba na ba kowa shawarar ya riƙe ta. In ita ce kaɗai, yi lissafi da 1.2 a maimakon 1.4, ka zauna kusa, kana jin batir ya fara zafi ka cire.

5. Mai agogo da ɗauke wuta

Wannan na ware shi daban saboda mu a Kano ya fi cizo. Agogon cajar nan ba ya tuna inda ya tsaya. Ta yi awa bakwai cikin takwas, NEPA ta ɗauke, bayan minti biyar ta dawo, sai ta fara daga sifili, batirin da saura kaɗan ya cika zai sake shan wata awa takwas. In an ɗauke sau biyu a daren ka lissafa da kanka. Canjawa daga NEPA zuwa janareta ma haka yake, ko soket mai lakwa-lakwa da yaro ya taɓa. Kai kuma da safe ka tarar da kore ka ce lafiya lau. Kuma da yake masu agogo sukan fi gama-garin farko gudu, ɓarnar ta fi yawa. To in ita kake da, ka riƙe naka lissafin a waya kamar babu agogon, ko ka jona ta a inbata ko sola inda wuta ba ta ƙyaftawa.

6. In simat ce, zaɓi gudun da ya dace

Da yawansu sa batir kawai ake yi su zaɓa da kansu. Masu sikirin suna ba ka zaɓi kamar 200, 500, 700, 1000mA, a nan mutane ke kuskure, suna zaɓar mafi ƙanƙanta wai don lallaɓa batir. A simat ba haka ba ne. In wutar ta yi kaɗan 'yar saukar nan da cajar ke jira ba ta fitowa sosai, sai ta wuce ba ta gani ba ta ci gaba da turawa. Abin da ya fi shi ne wajen rabin mAh ɗin batir, AA mai 2000 a ba shi 700 zuwa 1000mA, ya cika cikin awa biyu da ɗan kai zuwa uku da wani abu, AAA mai 800 a ba shi 300 zuwa 500mA. In cajar tana karɓar litiyam ma, ka duba sikirin ya nuna NiMH kafin ka tashi.

Ita ma ɗauke wuta yana taɓa ta amma kaɗan, in wuta ta dawo za ta sake farawa, ta gane ya cika cikin 'yan mintuna ta yanke. Sai dai kada ka mai da shi al'ada kana cirewa kana mayarwa wai don ya ƙara cika, kowane zagaye ɗan ƙari ne a kan cikakken batir. Hanya mafi sauƙi in mai USB ce, jona ta a fawa bank. Mai 10000mAh na gaske yana cika AA huɗu kamar sau biyu, kuma ba ruwanka da NEPA. Wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu in wutar da ake ja ta yi ƙasa, ka leƙa bayan ɗan lokaci ka ga tana nan.

In simat ta ƙi wani batir, mita ta nuna ya faɗi ƙasa sosai saboda an bar shi a na'ura wata da watanni, sa shi a gama-gari minti biyar zuwa goma ya ɗan farfaɗo ya haura 1.0V, sannan ka mayar. Shi ya sa tsohuwar cajar ba a jefar da ita. In ya sake ƙi, ko yana zafi da wuri, ya gama aiki.

7. Zafi, da yadda za ka gane an wuce gona da iri

Da batir ya cika, wutar da ke ƙara shiga ba ta da wurin zama, sai ta fara raba ruwan da ke cikinsa tana fid da iska. An yi batirin ya iya shanye wannan iskar in kaɗan-kaɗan take zuwa, amma shanyewar zafi take haifarwa. In ta zo da yawa iskar ta taru, akwai ɗan bawul a ƙarƙashin kan batirin da ke buɗewa ya saki, kuma abin da ya fita ba ya dawowa, batirin yana bushewa daga ciki kamar tukunyar da aka manta a wuta. Ba lallai ka ga komai a ranar ba, sai dai makirfon da ke kai sati ya koma kwana biyu.

Hannunka shi ne ma'auni. Ɗumi a ƙarshen caji ba komai ba ne. In ka kasa riƙe shi a tafin hannu, cire fulogi nan take ka bar shi ya huce a kan siminti. Sauran alamun su ne ledar jikinsa ta tattare ko ta tsage, farin gari a kewayen kansa, gindinsa ya ɗan kumbura, robar cajar ta canja launi. Wanda ya fara farin garin nan a ajiye shi, kuma abin yana cin fata, ka wanke hannu da ruwa sosai, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa a tafi asibiti. Ƙarafan na'urar da ya ɓata ana goge su da auduga da ɗan ruwan lemon tsami sannan a bar su su bushe. Kada a jefa mataccen batir a bolar da ake cinna wa wuta.

Sai zafin garin kansa. Daga Maris zuwa Mayu da rana takan kai digiri 40 ko ta wuce, NiMH kuwa ya fi son caji a ƙasa da 30, a zafi ba ya karɓa sosai kuma simat ɗin ma tana shan wahalar gane cikarsa. A lokacin ka yi caji da asuba ko da dare, a ƙasa kan tayil ko siminti, ba kan katifa ko kafet ba, ba cikin mota ba, ba saman firji ko talabijin ba, kuma kada a rufa wa cajar tsumma don ƙura. Ka sauko da gudun zuwa 500 ko 700mA a AA. Batirin da ya fito daga aiki da zafinsa a bar shi ya huce tukuna.

8. Cirewa da ajiya

Ya cika, cire shi. Ko simat ce tana iya ci gaba da ɗan ɗiga wuta kaɗan, awa biyu ko uku ba damuwa, amma caja ba wurin ajiya ba ce. Sa su a ɗan akwatin roba, kada a zuba a aljihu tare da makulli ko tsabar ƙarfe, in ƙarfe ya haɗa kai da gindi batirin zai yi zafin da zai ƙona ka.

NiMH na da yana zubar da cajinsa ko yana ajiye, a zafinmu ma ya fi sauri, wata ɗaya ko biyu ka tarar ya yi sanyi, wannan ne ke sa mutane barin shi a caja kullum. Maganin shi ne irin waɗanda ake rubuta wa Pre-charged ko Ready to use, kamar Eneloop da Sanyo ya fito da shi a 2005, yanzu yana hannun Panasonic, su suna riƙe mafi yawan cajinsu shekara guda a ajiye. Su suka dace da rimot da tocilar ko-ta-kwana. Na'urar awon hawan jini kuwa ka duba takardarta tukuna, wasu an yi su ne don batir mai 1.5V, da NiMH za su riƙa nuna batir ya yi ƙasa alhali yanzu ka cire shi daga caja.